Takardar da ke Riƙe da Shirin Kai Tsaye

Jadawalin shirin kai tsaye takarda ce da ke ɗauke da duk abin da zai faru daga lokacin da aka fara yaɗa taro a intanet har zuwa lokacin da aka rufe. Tana nuna ƙarfe nawa kowane sashe zai fara, minti nawa zai ci, wa zai yi magana, wace kyamara za a nuna, wace makirufo za a buɗe, da kalmar da za a ji a san lokacin sauyawa ya yi. Gidajen rediyo da talbijin sun daɗe suna aiki da irinta. Yanzu kuwa da masallatai da makarantu da ƙungiyoyi suke yaɗa tafsiri da walima da lacca ta Facebook da YouTube, buƙatarta ta iso hannun matasan da ke riƙe da kyamara a unguwa. Ta bambanta da takardar tsarin taro da ake raba wa baƙi. Ta baƙi tana faɗin abin da za a yi ne kawai. Ta masu aiki tana faɗin wanda zai yi, da lokacin da zai yi, da abin da zai yi idan abin da aka tsara ya ƙi yiwuwa.

Misali ɗaya zai fi bayyana aikin. A ɗauka wata makarantar Islamiyya a Kano za ta yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibai 24, kuma tana son iyaye da 'yan'uwa da ke Legas da Yamai da Jidda su kalla. Masu aikin yaɗawa mutum huɗu ne. Akwai darakta, wanda ke zaune gaban kwamfuta yana sauya hoto da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Akwai mai kyamara, da mai kula da sauti, sannan da mai sa ido, wanda aikinsa kallon shirin a wayarsa kamar kowane mai kallo. Sanƙiran taron shi ne na biyar, ko da yake na makaranta ne, domin bakinsa ne ke buɗe kowane sashe ya rufe shi.

Ana fara lissafin lokaci daga ƙarshe, ba daga farko ba. Masallacin unguwar yana kiran Azahar da ƙarfe 1:00, kuma da an kira salla taro ya watse ko an gama ko ba a gama ba. Don haka makaranta ta tsayar da 12:50 a matsayin iyakar da ba za a ƙetare ba. A cikin wannan iyaka aka shimfiɗa sassan taron. Ƙarfe 10:50 a fara yaɗawa da allon jira mai ɗauke da sunan makaranta. Ƙarfe 11:00 buɗe taro da addu'a, minti 5. Sai jawabin maraba daga shugaban makaranta, minti 10. Daga 11:15 ɗalibai za su yi karatu rukuni uku, kowane rukuni minti 10. Babban baƙo zai hau da 11:45 ya yi minti 20. Raba shahada zai fara da 12:05. Jawabin godiya na wakilin iyaye da 12:30, addu'ar rufewa da 12:35, a tashi da 12:40. Jimilla minti 100 ke nan, ya rage minti 10 a ajiye kafin iyaka.

Raba shahada shi ne sashen da aka fi yin kuskuren ƙiyasta shi, domin masu tsari sukan rubuta masa minti 10 da ka. Hanyar da ta dace ita ce a auna ɗalibi ɗaya a ranar gwaji: a kira sunansa, ya taso daga layi, ya karɓi shahada da allonsa, ya tsaya a ɗauki hoto, ya sauka. Wannan yakan kai kimanin minti ɗaya. Ɗalibai 24 ke nan minti 24, a ƙara ɗaya na shiri, ya zama 25. Haka nan ake sa tafiyar mai jawabi daga kujera zuwa makirufo da gaishe-gaishen manyan baƙi cikin lissafin sashensa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke cinye lokaci ba a sani ba.

Amfanin lissafi daga ƙarshe yana fitowa ne idan aka makara. Tunda dole a rufe da 12:50, addu'ar rufewa ba za ta wuce 12:45 ba a fara ta ba, jawabin godiya 12:40, raba shahada kuma 12:15. Waɗannan lokuta ana rubuta su a gefen takarda da jan biro. Idan babban baƙo ya kai 12:15 bai sauka ba, darakta ya san ajiyarsa ta ƙare ba tare da ya tsaya lissafi ba. A nan ne alama ta biyu take aiki. Tun kafin ranar, makaranta ta nuna sashen da za a iya yankewa da wanda ba a taɓawa. Jawabin godiya ana iya mayar da shi jumla biyu a bakin sanƙira. Raba shahada ba a rage shi, domin uwar da ke kallo daga nesa sunan ɗanta take jira. Shugaban makaranta ne ya kamata ya yanke wannan hukunci tun da wuri, kada a bar wa matashin da ke gaban kwamfuta nauyin cire jawabin dattijo ana tsakiyar taro. Idan kuma babban baƙon bai iso da 11:45 ba, takardar ta riga ta faɗa: a gabatar da raba shahada, jawabinsa ya biyo baya.

Lokacin da aka rubuta ƙiyasi ne, don haka ba agogo ne ke sa darakta sauya hoto ba. Kalmar ishara ce ke sa shi. Ita ce jumlar ƙarshe da mai magana zai faɗa kafin a shiga abu na gaba, kuma ana rubuta ta a takarda yadda za a furta ta. Layin ƙarfe 11:15, alal misali, zai nuna cewa sanƙira zai ce, "Yanzu sai mu saurari rukuni na farko." Da jin wannan, darakta ya koma kyamara ta biyu, mai sauti ya buɗe makirufon ɗalibai ya rufe ta sanƙira, a sa rubutun sunan rukunin a ƙasan hoto. Ƙarshen karatun ma yana da tasa ishara, wato lokacin da ɗalibi na ƙarshe ya ce "sadaƙallahul azim". Ga babban baƙo, sallamarsa ta ƙarshe ita ce ishara. Kalmomi irin su "a ƙarshe" ko "a taƙaice" ba a dogara da su, domin mai jawabi yakan faɗe su sannan ya ci gaba da magana na wasu mintuna. Sanƙira yana da 'yancin ƙawata zancensa yadda ya ga dama, amma jumlar ishara ba ya sauya ta. Idan ya sauya, mutum uku da ke jiran jin ta za su makara tare.

Tsakanin masu aiki kuma akwai wata ishara mai hawa biyu. Darakta yakan fara da gargaɗi: "Kyamara ta biyu, shirya." Bayan 'yan daƙiƙu sai ya ce, "Kyamara ta biyu, yanzu." Kalmar aikatawa kullum ita ce ta ƙarshe, kuma ba a furta ta a wani zance dabam. Dalili shi ne mai kyamara yana buƙatar lokacin da zai daidaita hotonsa ya tsayar da hannu kafin a nuna shi, in ba haka ba masu kallo za su ga rufin ɗaki da kawunan mutane suna wucewa. Ƙungiyar da ba ta da na'urar magana ta kunne tana iya yin kiran waya na rukuni kowa da abin kunnensa, ko ta yi amfani da hannu idan suna ganin juna.

Sanar da mai jawabi cewa lokacinsa ya kusa ƙarewa yana buƙatar ladabi. A tarukan ƙwararru ana ɗaga kati mai cewa saura minti 5, sannan saura minti 1. A taron da babban malami ke magana, ba zai kyautu yaro ya ɗaga masa kati a gaban jama'a ba. Abin da ya fi shi ne shugaban makaranta ya gaya masa tun a takardar gayyata cewa, "Allah ya gafarta Malam, minti 20 aka ware saboda kiran salla," su kuma amince da alama, kamar sanƙira ya miƙe ya tsaya a gefen mumbari. Wannan alamar ma ana rubuta ta a jadawali, da sunan wanda zai yi ta.

Wani abu da ke ruɗa sababbin shiga shi ne jinkirin da ke tsakanin zaure da wayar mai kallo. Abin da aka faɗa a zaure yakan ɗauki daƙiƙa goma zuwa talatin kafin ya bayyana a waya, gwargwadon dandali da yadda aka saita shi. Saboda haka darakta ba ya bin waya wajen ba da ishara, idonsa da kunnensa suna kan zaure. Mai sa ido shi ne ke kallon waya, kuma dole ya sa abin kunne. Idan sautin wayarsa ya fita makirufo ya ɗauka, maganar za ta riƙa maimaita kanta a shirin.

Rabin takardar na biyu, wanda ya fi na farko wahalar rubutawa, shi ne shirin ko-ta-kwana. Kowane layi a cikinsa yana amsa tambaya huɗu: mece ce alamar matsalar, har yaushe za a jira, me za a yi, wa zai yi. Cewa "idan intanet ya yi matsala a sauya layi" bai isa ba. A lokacin ruɗani mutum biyu za su kai hannu ga na'ura ɗaya, ko kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa.

Intanet shi ne aka fi jin tsoro, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Abin da yaɗawa ke buƙata shi ne ƙarfin turawa, ba na saukewa ba, kuma lambar da kamfanoni suka fi tallatawa ta saukewa ce. Hoto mai girman 720p yana tafiya lafiya a kan 2,500 kbps, sauti kuma 128 kbps. Domin a samu sarari, ana son gwaji ya nuna ƙarfin turawa ya kai ninki biyu, wato kimanin 5 Mbps. A wannan ma'auni awa ɗaya tana cin data kusan 1.2 GB, don haka awa biyun walimar za su ci kusan 2.4 GB. Mai hankali zai sa 5 GB a babban layi, ya sa wani 5 GB a layin ajiya. Layin ajiyan kuma na wani kamfani ne dabam: idan babba MTN ne, na biyu ya zama Airtel ko Glo, tunda layi biyu na kamfani ɗaya eriya ɗaya suke kamawa. Gwajin da aka yi a zauren da babu kowa ba ya faɗin gaskiya duka. Idan mutum ɗari uku suka cika wurin kowa da wayarsa, sabis yakan ragu, shi ya sa ake sake gwaji minti 30 kafin farawa, kuma ba a bai wa kowa kalmar sirrin na'urar intanet ɗin da ake yaɗawa da ita.

Alamar raunin intanet tana bayyana a ƙasan fuskar OBS Studio. Lambar da ke gaban Dropped Frames takan fara hawa, alamar ƙarfin haɗi kuma ta bar kore ta koma rawaya ko ja. Wannan ya bambanta da saƙon Encoding overloaded, wanda ke nufin kwamfutar ce aiki ya yi wa yawa. Ga mai kallo duka biyun ɗaya ne, hoto na tsayawa yana tsalle, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sauya layi ba zai amfani kwamfutar da ta gaji ba. Ita sai a rufe sauran manhajojin da ke buɗe, a tabbata tana jone da wuta, a kuma kawar da abin da ya toshe mata iska.

Ga yadda layin intanet zai kasance a takardar walimar. Idan alama ta yi ja na daƙiƙa 30 ba ta dawo ba, darakta ya ce "layi na biyu, yanzu," ya mayar da kwamfutar kan wayar ajiya, wadda aka riga aka haɗa ta sau ɗaya da safe don kada a tsaya rubuta kalmar sirri. Manhajar za ta sake haɗuwa da kanta idan an kunna Automatically Reconnect a sashen Advanced na saituna. A wannan sashen ne kuma ake kunna zaɓin da ke rage nauyin hoto da kansa idan layi ya cushe. A YouTube, ana kashe Auto-stop a shirin da aka tsara tun farko, domin kada yankewar ta sa a rufe shirin baki ɗaya, masu kallo su rasa adireshin da aka raba musu. Idan layi na biyu ma ya gaza ɗaukar nauyin bayan minti 2, a sauka zuwa 480p a kan 1,000 kbps. Wannan matakin yana da tsada, domin girman hoto ba ya sauyuwa a manhajar sai an tsayar da yaɗawa da naɗi duka. Saboda haka ba a yin sa ana tsakiyar kiran sunan ɗalibi. Darakta ya yi wa sanƙira alama, shi kuma ya cike gurbin da jumlar da aka rubuta masa, kamar ya sake yi wa baƙi maraba ko ya karanto sunayen malaman makaranta, har a dawo.

Akwai kuskuren da ya kamata a tsaya a kansa. Ƙungiyoyi da yawa suna shirya allo mai cewa "A yi haƙuri, muna dawowa," suna ɗauka shi ne maganin yankewar intanet. Allon nan ta intanet ɗin yake bi ya kai ga mai kallo. Idan layin ya mutu, ba wanda zai gan shi sai darakta. Amfaninsa yana ga lokacin da kyamara ta mutu alhali layi na aiki. Idan layi ne ya yanke, saƙon yana fita ne daga wayar mai sa ido, wadda ke kan wani kamfani, zuwa zauren WhatsApp na iyaye da shafin makaranta. Shi ma an rubuta shi tun da safe, kwafa kawai za a yi a tura: "An samu yankewar intanet. Taro na ci gaba, kuma ana naɗa. Ku tsaya a wannan adireshi."

Wani lokaci layukan biyu sukan faɗi tare. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, sabis ya yi rauni ko ya yanke a Najeriya da Ghana da Côte d'Ivoire da wasu maƙwabtansu. A irin wannan rana babu dabarar da za ta ceci kai tsaye, sai dai naɗi. Shi ya sa layin farko a jadawali, kafin ma a fara yaɗawa, shi ne a danna Start Recording. Ana zaɓar tsarin mkv domin idan kwamfuta ta mutu ba zato abin da aka naɗa har zuwa lokacin yana nan, alhali fayil ɗin mp4 na gargajiya yakan lalace gaba ɗaya. Kyamara ma tana naɗar nata a katinta. Takardar ta ƙayyade cewa idan minti 5 suka wuce ba a dawo ba, a daina kokawa da layi, a mayar da hankali ga naɗi mai kyau, a sanar da iyaye za a ɗora cikakken bidiyo bayan Isha'i. Ko ba a samu matsala ba naɗin yana da amfani, domin tun Fabrairun 2025 Facebook yana share bidiyon kai tsaye bayan kwana 30.

Ɗaukewar wuta tana da nata salo. Kwamfutar tafi-da-gidanka za ta ci gaba da batirinta, amma na'urar haɗa sauti da na'urar intanet mai jona wuta za su mutu nan take, kuma ta intanet takan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta farfaɗo ko da an tayar da janareto da sauri. Mafita biyu ce: a jona waɗannan na'urori a kan UPS ko inbata, ko a tayar da janareto tun ƙarfe 10:30 a zauna a kansa har a tashi, ko da akwai wutar gari. Sai a duba mai, a kuma nisanta janareton daga zaure saboda ƙara. Takardar ta ambaci sunan wanda ke tsaye kusa da shi.

Mutuwar kyamara ta fi sauƙi. Darakta ya koma ɗayar, mai kyamara ya duba igiya da batir. Idan duka biyun suka tafi, a sa hoton makaranta a bar sauti yana tafiya, domin mai sauraron karatu zai jure rashin hoto, amma ba zai zauna yana kallon baki na motsi babu murya ba. Idan waya ce kyamarar, a lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Kano, tana iya yin zafi ta rufe kanta. A cire mata riga, a kawar da ita daga rana, a kuma hana kira shigowa.

Sauti shi ne ya fi cancantar ajiya ta biyu. Makirufo maras igiya ana sa mata sabon batir kafin farawa, a ajiye mai igiya a jone kusa da mumbari. A cikin manhaja kuma ana shirya makirufon kyamara a rufe, ta yadda idan igiyar da ke kawo sauti daga na'urar haɗawa ta daina aiki, danna ɗaya zai buɗe ta. Muryar za ta zo da amon zaure, amma za a ji. Alamar matsalar ita ce sandar sauti a manhaja ta tsaya cik alhali mutum na magana, kuma ba a jiran daƙiƙa 30 a nan, nan take ake sauyawa. Akasin haka ma haɗari ne, wato makirufon da aka manta a buɗe. Tun daga 10:50 da allon jira ya hau, duk hirar da ake yi kusa da mumbari tana iya fita duniya, shi ya sa layin allon jira da na rufewa suke ɗauke da umarnin a rufe dukkan makirufo.

Kwana ɗaya kafin taron ana yin gwaji a zauren, kuma ba sassan shiri kawai ake bi ba, har matsalolin ake haddasawa da gangan. A yaɗa a adireshin da ba a raba wa kowa ba, a kashe babban layi a ga daƙiƙa nawa sauyawa ta ci, a zare wuta a ga abin da ya mutu, a cire igiyar sauti a ga ko darakta ya san inda zai danna. Abin da agogo ya nuna shi ake gyara takardar da shi. Makarantar da ba ta taɓa yaɗawa a YouTube ba ta nemi izinin tun da wuri, domin buɗe wannan dama a karo na farko yakan ɗauki har awa 24. A kuma sanar da iyaye tun kafin ranar cewa za a nuna fuskokin 'ya'yansu, a girmama wanda bai amince ba. Bayan gyara na ƙarshe ana rubuta kwanan wata da lambar bugu a saman takardar, a buga kofi biyar, a karɓe tsofaffin daga hannun kowa. Ana buga ta ne a takarda domin wayoyin masu aikin suna da wani aikin a ranar, kuma cajinsu na iya ƙarewa kafin 12:50.